Jadawalin Gaskiya da Ƙarya: Yadda Ake Zana Shi da Yadda Ake Gane Totoloji

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban lissafi na babbar sakandare da na shekarar farko a jami'a suke yawan kawowa idan an iso darasin mandiƙi, wato ilimin auna ingancin hujja. Na jera su yadda ɗaya za ta buɗe wa ɗaya hanya, don haka zai fi kyau a bi su daga sama. A duk jadawalin da ke ƙasa, G na nufin gaskiya, Ƙ kuma ƙarya. A takardar jarrabawa za ka ga T da F a madadinsu, aikin ɗaya ne.

Mene ne jadawalin gaskiya, kuma me ake nema da shi?

Furuci, a wannan fanni, shi ne maganar da ko dai gaskiya ce ko ƙarya ce, ba ta uku. "An yi ruwa jiya" furuci ne. "Shigo mana" ba furuci ba ne, haka "Ina kwana?", domin ba a gaskata su ba a ƙaryata su. Idan aka ɗaure furuci biyu ko fiye da kalmomi irin su "da", "ko", "idan", sai a sami haɗaɗɗen furuci. Don rage rubutu, ana ba kowane ƙaramin furuci harafi: p, q, r.

Jadawalin gaskiya hanya ce ta lissafo duk halin da ƙananan furucin nan za su iya kasancewa a ciki, ba tare da an bar ko ɗaya ba, sannan a duba abin da babban furucin zai zama a kowane hali. Kowane layi na kwance hali ɗaya ne. Kowane ginshiƙi na tsaye kuma mataki ɗaya ne na aikin. Ba ruwan jadawali da ko an yi ruwan da gaske. Tambayarsa ita ce: in an yi, me zai faru da maganar, in ba a yi ba kuma fa?

To mene ne totoloji?

Haɗaɗɗen furuci ne da ginshiƙinsa na ƙarshe ya fito G daga sama har ƙasa. Mafi sauƙinsa shi ne p ∨ ¬p, wato "ko dai an yi ruwa ko ba a yi ba". Ba sai ka leƙa waje ba, ka san maganar ba za ta ƙaryata ba, domin ginin maganar ne ya tsare ta.

Kishiyarsa shi ne wanda ya fito Ƙ a kowane layi, kamar p ∧ ¬p, "an yi ruwa kuma ba a yi ba". Wannan tufka da warwara ce tsantsa. Saura duka, kuma su ne mafiya yawa, suna tsakani: wani layin G, wani Ƙ, ya danganta da yadda al'amura suke. Abin da nake so ɗalibi ya riƙe tun daga nan shi ne nauyin hujjar ba ɗaya ba ne. Kafin ka ce totoloji ne sai kowane layi ya amsa. Amma layi ɗaya tak mai Ƙ ya isa ya rushe da'awar, ko da sauran layuka dubu sun fito G.

Waɗanne alamomi ne ya wajaba in haddace?

Biyar ne. ¬ ita ce korewa, tana juya G ta koma Ƙ, Ƙ ta koma G. ∧ ita ce "da" ko "kuma". ∨ ita ce "ko". → ita ce "idan… to…". ↔ kuma tana cewa ɓangarorin biyu tafiyarsu ɗaya, in wannan gaskiya ne wancan ma haka, in ƙarya ne ƙarya. Wasu littattafan suna rubuta ~ a gurbin ¬, da ⇒ a gurbin →.

| p | q | ¬p | p ∧ q | p ∨ q | p → q | p ↔ q |
|---|---|---|---|---|---|---|
| G | G | Ƙ | G | G | G | G |
| G | Ƙ | Ƙ | Ƙ | G | Ƙ | Ƙ |
| Ƙ | G | G | Ƙ | G | G | Ƙ |
| Ƙ | Ƙ | G | Ƙ | Ƙ | G | G |

Ba sai ka haddace gidajen nan ɗaya bayan ɗaya ba. Uku daga cikin alamomin kowacce tana da layi ɗaya da ya fita daban, shi za ka riƙe. ∧ gaskiya ce a hali ɗaya kawai, in duka biyun gaskiya ne. ∨ ƙarya ce a hali ɗaya kawai, in duka biyun ƙarya ne. → ƙarya ce a hali ɗaya kawai, in na gaba G ne na baya Ƙ.

Me ya sa p → q take zama gaskiya alhali p ƙarya ce? Hankalina ya kasa ɗauka.

Ba kai kaɗai ba ne, a nan kusan kowa yake tuntuɓe, kuma wanda bai warware wannan ba zai yi ta kuskure a sauran darasin. Don haka mu tsaya a kai.

Ka kai wa tela ɗinki, ya ce maka: "Idan ka biya yau, zan gama maka ranar Juma'a." Biyan shi ne sharaɗi, p. Gamawar ita ce sakamako, q. Tambayar da jadawali yake yi ita ce, a wane hali ne za ka iya tsayawa a bakin shagonsa ka ce ya saɓa alkawari?

Ka biya, ya gama. Ya cika alkawari, G. Ka biya, Juma'a ta zo bai gama ba. Nan kam ya saɓa, Ƙ. Ba ka biya ba, bai gama ba. Me za ka ce masa? Zai ce maka ai sharaɗin ba ka cika ba, kuma yana da gaskiya. Sai na ƙarshe: ba ka biya ba, amma ya gama duk da haka, ƙila don aiki ya yi masa sauƙi a makon. Wannan ma ba saɓa alkawari ba ne, domin bai taɓa cewa in ba ka biya ba ba zai gama ba. Mu ne muke jin hakan a cikin maganarsa, amma bai faɗa ba. Tunda furuci ba shi da mazauni na uku, duk inda ba a kama shi da ƙarya ba, G za a rubuta.

Wanda misalin tela bai gamsar ba, ga na lissafi. Kowa ya yarda cewa "idan lamba ta rabu da 4 ba saura, to za ta rabu da 2 ba saura" gaskiya ce a kan kowace lamba. Gwada 8: sharaɗi G, sakamako G. Gwada 6: ba ta rabuwa da 4 amma tana rabuwa da 2, wato Ƙ da G. Gwada 7: Ƙ da Ƙ. Da a ce layukan da suka fara da Ƙ ƙarya suke bayarwa, da 6 da 7 sun rushe ƙa'idar, kuma mun san ba su rushe ta ba. Abin da zai rushe ta shi ne lambar da ta rabu da 4 ta ƙi rabuwa da 2, kuma babu ita. Layi na biyu kenan.

Wani abu kuma: → ba ta bukatar dangantaka tsakanin ɓangarorinta. "Idan Kano tana cikin Ghana, to 2 + 2 = 5" G ce a jadawali, don kawai sharaɗin ƙarya ne. Kunne ba ya jin daɗinta, na sani. Alamar ba ta ɗauke duk ma'anar "idan" ta maganar yau da kullum ba, ɓangaren da lissafi yake bukata kawai ta ɗauka.

"Ko" ɗin nan fa? In an ce shayi ko koko, ai ɗaya ake nufi.

Haka ne a teburin mai shayi. Amma "ko" tana da fuska biyu a Hausa. In aka rubuta a ƙofar ofis cewa "mai katin zaɓe ko katin ɗan ƙasa zai iya shiga", wanda ya zo da duka biyun ba za a kore shi ba. Wannan fuskar ta biyu ita ce ∨: aƙalla ɗaya, duka biyun ma ba laifi. In kana son ta mai shayi sai ka gina ta da hannunka, (p ∨ q) ∧ ¬(p ∧ q), wato ɗaya daga ciki amma ban da duka biyun.

Yaya ake juya maganar Hausa zuwa alamomi, musamman mai "sai" da "amma"?

"Amma" ba ta da wahala, ∧ ce. "Ya zo amma bai ci abinci ba" tana tabbatar da abu biyu ne tare, zuwan da rashin cin, don haka p ∧ ¬q. Mamakin da ke cikin "amma" jadawali ba ya ganin sa.

"Sai" ce mai tarko. Mai gadi ya ce: "Ba za ka shiga ba sai kana da kati." Ɗalibai da yawa suna rubuta kati → shiga, kuma kuskure ne. Mai gadin bai yi alkawarin duk mai kati zai shiga ba, ƙila ka zo da katin ka tarar an rufe ƙofa. Abin da ya ce shi ne babu shiga ba kati. Duk wanda ka gani a ciki, to yana da kati. Saboda haka shiga → kati. In kana kokwanto, tambayi kanka wane hali ne zai sa a ce mai gadin ya yi ƙarya. A ga wani a ciki ba kati: shiga G, kati Ƙ. Wanda ya zama G a wannan halin shi ne zai zauna gaban kibiyar.

Layi nawa zan zana, kuma ta yaya zan tabbata ban tsallake ko ɗaya ba?

Ƙirga haruffa mabambanta. Kowane sabon harafi yana ninka layuka sau biyu: harafi 1 layi 2, haruffa 2 layi 4, 3 layi 8, 4 layi 16, 5 layi 32. A taƙaice 2ⁿ. Harafin da ya fito sau uku a cikin furucin sau ɗaya ake ƙirga shi, kuma ¬p ba sabon harafi ba ne.

Cika su ta hanyar rabawa biyu. A jadawali mai layi 8, ginshiƙin p yana samun G huɗu sannan Ƙ huɗu. Na q yana tafiya biyu-biyu. Na r yana tafiya ɗaya-ɗaya. In ka yi haka layi ba zai maimaitu ba, ba kuma zai ɓace ba. Wanda ya cika su yadda suka zo masa a ka yakan rubuta layi ɗaya sau biyu, kuma sau da yawa layin da ya manta shi ne mai ɗauke da Ƙ ɗin da ake nema.

A nuna mana aiki ɗaya daga farko har ƙarshe.

Mu ɗauki wannan hujja: "Idan aka yi ruwa, tsakar gida za ta jiƙe. An yi ruwa. Saboda haka tsakar gida ta jiƙe." A sa p ta zama "an yi ruwa", q ta zama "tsakar gida ta jiƙe". Ana haɗa dalilan da ∧, a sa kibiya, a ajiye abin da aka yanke a bayanta: ((p → q) ∧ p) → q.

Ana farawa daga baka ta can ciki a fito waje, kamar ɓare albasa ta baya. Da farko p → q. Sannan a haɗa ta da p. Kibiyar ƙarshe, wadda ba ta cikin kowace baka, ita ce uwar alama, ita ake cikawa a ƙarshe, kuma ginshiƙinta ne yake yanke hukunci.

| p | q | p → q | (p → q) ∧ p | ((p → q) ∧ p) → q |
|---|---|---|---|---|
| G | G | G | G | G |
| G | Ƙ | Ƙ | Ƙ | G |
| Ƙ | G | G | Ƙ | G |
| Ƙ | Ƙ | G | Ƙ | G |

Wajen cika ginshiƙin ƙarshe, ɗora yatsa ɗaya a kan ginshiƙi na huɗu, ɗaya a kan na q, ka nemi layin da na huɗu yake G, q take Ƙ. Na huɗu G ne a layin farko kaɗai, kuma a can q ma G ce. Babu inda za a sa Ƙ. Totoloji ne, hujjar ta tsaya.

Yanzu mu sauya harafi ɗaya. "Idan aka yi ruwa, tsakar gida za ta jiƙe. Tsakar gida ta jiƙe. Saboda haka an yi ruwa." A kunne kamar babu bambanci.

| p | q | p → q | (p → q) ∧ q | ((p → q) ∧ q) → p |
|---|---|---|---|---|
| G | G | G | G | G |
| G | Ƙ | Ƙ | Ƙ | G |
| Ƙ | G | G | G | Ƙ |
| Ƙ | Ƙ | G | Ƙ | G |

Layi na uku ya tona asiri. Kar ka tsaya a kan rubuta "ba totoloji ba ne", karanta layin da Hausa: ba a yi ruwa ba, amma tsakar gida a jiƙe take. Wani ne ya yi wanki, ko randa ta fashe. Dalilan biyu gaskiya ne, abin da aka yanke ƙarya. Wannan ne abin da na fi ƙauna game da jadawalin: bayan ya ce maka hujja ta karye, yana nuna maka ainihin halin da ta karye a ciki.

Wanda ya karanta mandiƙi a zaure zai gane tsohon darasi ne a sabuwar riga. Malaman fannin suna kiran sharaɗin muƙaddam, sakamakon kuma tali, kuma sun daɗe da tabbatar da cewa tabbatar muƙaddam tana haifar da tali, kore tali tana kore muƙaddam, amma tabbatar tali ko kore muƙaddam ba sa haifar da komai. Jadawalin a siffar da ake koyarwa yau ya yaɗu ne daga ayyukan Emil Post da Ludwig Wittgenstein na shekarar 1921.

Idan haruffa uku ne fa?

Hanyar ba ta sauya ba, haƙuri ne kawai yake ƙaruwa. A ce p ita ce "kana da katin shaida", q "kana da takardar gayyata", r "an bar ka ka shiga". Wani ya ce: tunda mai kati yana shiga, to mai kati ko takardar gayyata ma zai shiga. A alamomi: (p → r) → ((p ∨ q) → r).

| | p | q | r | p → r | p ∨ q | (p ∨ q) → r | duka furucin |
|---|---|---|---|---|---|---|---|
| 1 | G | G | G | G | G | G | G |
| 2 | G | G | Ƙ | Ƙ | G | Ƙ | G |
| 3 | G | Ƙ | G | G | G | G | G |
| 4 | G | Ƙ | Ƙ | Ƙ | G | Ƙ | G |
| 5 | Ƙ | G | G | G | G | G | G |
| 6 | Ƙ | G | Ƙ | G | G | Ƙ | Ƙ |
| 7 | Ƙ | Ƙ | G | G | Ƙ | G | G |
| 8 | Ƙ | Ƙ | Ƙ | G | Ƙ | G | G |

Bakwai cikin takwas G ne. Ɗalibin da ya cika biyar na farko ya ga duk G, ya gaji ya zuba G a sauran, ya faɗi tambayar. Layi na 6 shi ne mutumin da ya zo da takardar gayyata ba kati, aka mayar da shi. Dokar mai kati ba ta karye ba, tunda ba shi da katin, amma maganar da aka gina a kanta ta faɗi.

Jadawalin nan yana da wata kyauta a ciki. Juya kibiyar tsakiya, ka duba ((p ∨ q) → r) → (p → r). Za ta ƙaryata ne kawai a layin da (p ∨ q) → r take G alhali p → r Ƙ ce. To p → r Ƙ ce a layi na 2 da na 4 kaɗai, kuma a duka biyun ɗayar ma Ƙ ce. Wannan juyin totoloji ne. Ginshiƙai iri ɗaya, fuskar kibiya kawai aka sauya, hukunci ya sauya.

Akwai gajeriyar hanya, ba sai na zana layi takwas ko goma sha shida ba?

Akwai, kuma daga wancan layi ɗaya na kibiya ta fito. Maimakon ka bi kowane layi, sai ka ƙaddara furucin ƙarya ne, ka bi sawun abin da hakan zai tilasta. In ka isa ga haruffan lafiya, ka sami layin da ya rushe shi. In ka ci karo da tufka da warwara, to layin babu shi, totoloji ne.

Gwada da ((p → q) ∧ (q → r)) → (p → r). Mu ce ƙarya ce. Tunda uwar alama kibiya ce, dole gabanta G ne, bayanta Ƙ. Bayan shi ne p → r, kuma ba ta zama Ƙ sai p G ce, r Ƙ. Gaban kuma ∧ ce, kafin ta zama G sai ɓangarorinta biyu sun zama G. To p → q G ce kuma p G ce, dole q ta zama G. Sannan q → r G ce kuma q G ce, dole r ta zama G. Amma mun riga mun ce r Ƙ ce. Hanya ta toshe, furucin ba ya ƙaryatuwa.

Yi haka da misalin kati za ka ga ya kai ka layi na 6 kai tsaye: (p ∨ q) → r Ƙ ce, don haka r Ƙ; p → r G ce da r Ƙ, don haka p Ƙ; p ∨ q G ce da p Ƙ, don haka q G. Babu karo.

Dabarar tana da iyaka. Tana sauri ne in kowane mataki amsa ɗaya yake tilastawa. In uwar alama ∧ ce, hanyoyin ƙaryata ta uku ne, in ↔ ce biyu ne, kuma wajibi ne ka bi kowace hanya har ƙarshenta. Toshewar hanya ɗaya ba ta isa a ce totoloji ne ba. Kuma in tambayar jarrabawa ta ce a zana jadawali, zana shi cikakke, ka yi amfani da dabarar wajen duba aikinka.

Waɗanne kurakurai ne suka fi yawa, kuma yaya zan kama su da kaina?

Na farko shi ne juya kibiya. In ana neman q → p, ido yakan karanta ginshiƙin p da farko don shi ne a hagu. A q → p, layin Ƙ shi ne inda q take G, p take Ƙ, wato layi na uku.

Na biyu wasa da baka. p → (q → p) totoloji ce. (p → q) → p ba ita ba ce, tana faɗuwa a duk layin da p take Ƙ. Haruffa da alamomi iri ɗaya ne, wurin baka ne kawai ya bambanta.

Na uku shi ne raba korewa kamar ana raba goro. ¬(p ∧ q) ba daidai take da ¬p ∧ ¬q ba. In aka ce "ba gaskiya ba ne cewa Audu da Bala duk sun zo", ba a ce babu wanda ya zo ba, ƙila ɗaya ya zo. Daidai ɗinta shi ne ¬p ∨ ¬q, ɗaya daga ƙa'idojin masanin lissafi De Morgan. Ita ¬ da ba baka a bayanta harafin da ke manne da ita kaɗai take taɓawa.

Don kama kuskure, ƙirga. A jadawali mai layi 8, ginshiƙin da ya haɗa haruffa biyu mabambanta yana da adadi sananne: ∧ tana da G biyu, ∨ tana da shida, → shida, ↔ huɗu. Duba jadawalin kati, p → r tana da G shida, p ∨ q shida. In naka ya fito biyar ko bakwai, koma ka duba kafin ka ci gaba.

Ta yaya ake nuna furuci biyu ma'anarsu ɗaya?

Zana ginshiƙinsu a jadawali ɗaya. In sun dace a kowane layi, daidai suke, wanda kuma shi ne cewa ↔ da aka sa tsakaninsu totoloji ce. Da haka za ka ga p → q daidai take da ¬q → ¬p: in tsakar gida ba ta jiƙe ba, to ba a yi ruwa ba. Daidai take kuma da ¬p ∨ q. Amma ba daidai take da q → p ba, sun rabu a layi na biyu da na uku.

Kwamfuta ba za ta yi wannan duka ba?

Za ta yi, in haruffan ba su yi yawa ba. Ga misalin kati a Python, yana buga layin da furucin ya faɗi kawai:

```python
from itertools import product
def idan(a, b): return (not a) or b
for p, q, r in product([True, False], repeat=3):
    if not idan(idan(p, r), idan(p or q, r)):
        print(p, q, r)
```

Zai buga `False True False`, layi na 6 kenan. In bai buga komai ba, totoloji ne.

Matsalar ninkawa ce. Haruffa 10 layi 1,024 ne, haruffa 20 layi 1,048,576. In suka kai 60, na'urar da ke duba layi biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, wato sakan guda, za ta shafe fiye da shekara 36. Shi ya sa manhajojin da ake amfani da su wajen tantance da'irorin lantarki ba sa zana jadawali, suna bin hanya mai kama da gajeriyar dabarar can: su ƙaddara, su bi abin da aka tilasta, su ja da baya in sun ci karo. Tun 1971 Stephen Cook ya nuna cewa tambayar ko akwai layin da zai gaskata furuci tana cikin manyan matsaloli masu wuya na ilimin kwamfuta, kuma har yau ba a sami hanyar da aka tabbatar tana da sauri a kowane hali ba.

Duk maganar da take gaskiya kullum totoloji ce?

A'a. "2 + 2 = 4" ba ta taɓa zama ƙarya, amma a jadawali harafi ɗaya ce, p, kuma ginshiƙin p yana da G da Ƙ. Gaskiyarta daga lissafi ta fito, jadawali kuwa ginin "da", "ko", "idan" kawai yake gani.

Haka hujjar nan: "Duk tsuntsu yana da fuka-fuki. Shaho tsuntsu ne. Saboda haka shaho yana da fuka-fuki." Hujja ce ingantacciya, amma in ka sa mata haruffa za ta zama (p ∧ q) → r, wadda take Ƙ a layin G, G, Ƙ. Ƙarfinta yana cikin kalmar "duk" da kuma maimaituwar "tsuntsu" a cikin jimlolin, kuma jadawali ba ya shiga cikin jimla. Irin waɗannan suna bukatar mataki na gaba na mandiƙi, mai alamomin ∀, wato "duk", da ∃, wato "akwai".

Ta ɗaya ɓangaren kuma, fitowar totoloji ba ta gaskata dalilan da aka fara da su. "Idan akuya tana da fiffike za ta tashi. Akuya tana da fiffike. Saboda haka za ta tashi." Siffarta ((p → q) ∧ p) → q ce, G huɗu cif. Abin da jadawalin ya lamunce maka shi ne babu halin da dalilan za su zama gaskiya sakamakon ya zama ƙarya. A nan dalili na biyu ƙarya ne, don haka akuyar tana layi na huɗu, inda p da q duk Ƙ ne, ginshiƙin ƙarshe kuma yana nan a G.